Ribar Alhaji da ta ƙi bayyana a aljihu

Wani mai sayar da dankalin turawa a kasuwar Farin Gada, a Jos, ya ƙi yarda da akantarsa. Takarda ta ce ya ci ribar naira 400,000, shi kuwa kuɗinsa sun ragu. Na mayar masa da takardar shige da ficen kuɗi zuwa Hausa, muka bi ta layi-layi.

A sama na rubuta ribar. Na ce, “Alhaji, masu tuya nawa suka ɗauki kaya ba su biya ba?” Ya lissafa 250,000. Ribar ta ƙirga su tun ranar da buhunan suka fita, amma kuɗin suna hannun mutane, muka cire. Dankalin da ya saro daga Bokkos, yana jibge a rumfa, na 300,000 ne. Kuɗinsa sun fita, amma ba a cire su daga riba sai an sayar, muka cire. Sai 50,000 da manomi ke binsa, muka ƙara, tunda suna aljihunsa.

Sakamako: kuɗi sun ragu da 100,000, daidai da giɓin da ya gani. Kuɗin cefane ma wannan hanyar suke bi, sai dai wannan watan bai taɓa na shago ba.