Darasi na 7: Idan yaro ya yi sayayya a wayarku

A ce alat ya shigo wayar wata uwa, an cire naira 2,500, ita kuwa ba ta sayi komai ba. Jiya dai ta ba ɗanta wayar ya yi wasa. Dama katin bankinta a ajiye yake cikin Play Store tun lokacin da ta taɓa biyan wani abu da shi, shi ya sa dannawa ɗaya ta isa kuɗi su fita.

Kafin faɗa da yaro, a fara gano wane irin saye ne, domin iri biyu ne. Akwai na sau ɗaya, kamar sulallan da ake saye a cikin wasa. Akwai kuma rajista mai sabunta kanta, wadda za a riƙa cire kuɗinta duk mako ko duk wata. Wannan ta biyun ta fi ɓarna. Sau da yawa da gwajin kyauta take farawa, sai kwanakin gwajin sun cika a fara cira.

Ku buɗe Play Store, ku taɓa hotonku da ke sama ta dama, ku shiga Payments & subscriptions, sannan Subscriptions. In sunan wasan yana nan, ku taɓa shi, ku danna Cancel subscription. Mutane da yawa goge wasan suke yi su ɗauka magana ta ƙare. Ba ta ƙare ba. Wasan ya bar waya, amma rajistar na nan, wata mai zuwa za a sake cira.

Soke rajista yana tsayar da cirar gaba ne kawai, ba ya dawo da abin da ya riga ya fita. Wannan sai an nema, kuma da gaggawa, domin an fi samun biyan buƙata cikin awa 48 da sayen. Ku shiga play.google.com da imel ɗin da ke kan wayar, ku nemo sayen a jerin abubuwan da aka saya, ku nemi a mayar da kuɗin. Wurin dalili ku faɗi gaskiya: ɗan gida ne ya saya ba da izini ba. Kada ku ce ɓarawo ne, kada kuma ku fara garzayawa banki, don hakan na iya sa a hana ku sayayya da asusunku na Play Store. Ba dole ne a amince ba. In an ƙi, ko awa 48 ta wuce, ku rubuta wa masu wasan, ku haɗa da lambar rasit da aka turo ta imel, wadda take farawa da GPA.

Daga nan ku koma Payments & subscriptions, ku shiga Purchase verification, ku sa wayar ta riƙa neman zanen yatsa ko lambar sirri a kowane saye.

Aikin aji: kowa ya buɗe Subscriptions a wayarsa, ya karanta wa na kusa da shi abin da ya gani.