Ka buɗe fot a ruta, kamera ta ƙi fitowa: inda ake yawan kuskure

Mai shago a Tahoua ya sa kamera, an haɗa DVR, na'urar da ke ajiye hotunan kamera, da rutar 4G mai sim, mai gyara ya ba na'urar adireshi 192.168.1.64 ya tura mata fot 8000 da 554, wato ƙofofin da ake bi a shigo mata daga waje, cikin shago komi na tafiya daidai. Alhaji na isa Yamai ya buɗe waya, babu hoto. Daga nan sai a yi ta sake ruta, a kunna DMZ, a kunna UPnP, har a ce DVR ɗin jabu ne, alhali babu wanda ya duba adireshin da kamfani ya ba rutar.

Shiga shafin ruta ka nemi inda aka rubuta WAN IP, wato adireshin da kamfani ya ba rutar, sannan da wayar da ke kan wifi ɗin shagon ka tambayi Google adireshinka na waje. In sun zo ɗaya to sai a nemi matsala wani wuri. In kuwa ruta na nuna irin 100.72.15.9, wajen na nuna wani daban, to kana bayan CGNAT, wato kamfani ya haɗa ka da wasu a adireshin waje guda. Duk abin da ke tsakanin 100.64.0.0 da 100.127.255.255 an ware shi ne don wannan aiki tun 2012, wasu kamfanonin kuma da 10 suke farawa. Adireshin IPv4 sun yi ƙaranci, shi ya sa kamfani ke ɗora mutane da yawa kan guda ɗaya. In kai ka fara aika saƙo waje, na'urarsu na riƙe lissafi ta maido maka amsa, amma wanda ya ƙwanƙwasa daga waje a fot 8000 ba ta san na wa ne ba cikinku, sai ta yar da shi tun bai kai rutarka ba. Dokar tura fot da ka rubuta a ruta tana nan lafiya lau, babu dai abin da ke iso mata.

Masu rugawa wajen DDNS ma wahalar banza ce, suna kawai yake liƙa wa adireshin nan na taron jama'a. Kuma a daina gwajin kamera ana zaune kan wifi ɗin shago, kashe shi ka gwada da rezon waya.

Amma a lura, in WAN ya fara da 192.168 galibi ruta biyu ne a jere cikin shagonka, wannan kam yana gyaruwa, ka tura fot a dukansu ko ka maida ta farko Bridge, wato ta miƙa wa ta biyu layin kai tsaye.

In CGNAT ne na gaske, ka je ajans ka ce kana son adireshi na fili naka kai kaɗai, yawanci da ƙarin kuɗi, kuma ba kowane forfe ake ba shi ba. In don kallon kamera ne kawai ni ban ga dalilin wannan kashe kuɗi ba, kunna P2P a DVR ka ɗauki lambar QR da waya, tunda DVR ɗin ce ke fara kira waje hanya na buɗewa. Mai son shiga kwamfutar shago daga nesa sai ya sa manhajar Tailscale a ita da wayarsa, ko ya yi hayar ƙaramar saba, wato kwamfutar da ke kan intanet, mai adireshi na fili ya ja hanyar sirri da manhajar WireGuard daga shago zuwa can.