Yadda Ake Bayyana wa Ɗalibi Makaho Zane a Rubuce

Mai gani yana kallon zane gaba ɗaya a lokaci guda, amma ɗalibi makaho yana karɓar bayani ne kalma bayan kalma, ko dai ta kunne daga manhajar da ke karanta allo irin su NVDA da JAWS da TalkBack, ko ta yatsa a rubutun makafi. Saboda haka aikin mai bayani shi ne ya zaɓa wa ɗalibin hanya ɗaya da zai bi cikin zanen ba tare da ya ɓace ba. Bari mu ɗauki zanen zagayawar jini tsakanin zuciya da huhu da sauran jiki.

Kafin a rubuta komai, a fara tantance abin da malami yake son a koya daga zanen. A nan darasin shi ne hanyar da jini yake bi, don haka inuwa da ƙawar da mai zane ya yi ba su da gurbi a bayanin.

Daga nan sai a rubuta jimlar farko, wadda za ta faɗi irin zanen da adadin sassansa, domin ɗalibi ya san yawan abin da zai riƙe a kansa: "Wannan zane ne na zagaye, mai tashoshi 6 da kibiyoyi 6. Tashoshin su ne ɗakunan zuciya 4, biyu a sama biyu a ƙasa, sai huhu da aka zana a saman zuciyar, sai sauran jiki a ƙasanta."

Mataki na gaba shi ne ya fi cin lokaci, wato mayar da kowace kibiya jimla mai aikatau. A ce "akwai kibiya tsakanin huhu da zuciya" bai amfana wa kowa komai ba, domin bai faɗi inda ta taso ba, bai faɗi inda ta nufa ba, bai kuma faɗi abin da take ɗauke da shi ba. Abin da ya dace shi ne: "Jini mai ƙarancin oksijin yana fitowa daga jiki ya shiga ɗakin sama na dama, ya gangara ɗakin ƙasa na dama, wanda yake tura shi huhu. A huhu yana ɗaukar oksijin, ya dawo ɗakin sama na hagu, ya gangara ɗakin ƙasa na hagu, wanda yake tura shi jiki, inda zagayen ya faro." Sai a ƙirga. Idan matakan da aka rubuta ba su kai shida ba, an tsallake kibiya. Kuma sunan da aka ba wa sashe tun farko shi za a riƙe har ƙarshe, domin idan "ɗaki" ya koma "rami" a tsakiyar bayani, mai sauraro zai ɗauka sabon abu ne.

Akwai tarkon da har ƙwararrun malamai suke faɗawa. A zanen zuciya, ɓangaren dama na zuciyar yana hannun hagu na takarda, domin ana zana ta ne kamar ta mutumin da yake fuskantar mai kallo. Dole a faɗi wannan ƙarara sau ɗaya, sannan a tsaya kan dama da hagun zuciyar. Launi ma haka yake: kada a yar da shi don ɗalibin ba ya gani, tunda zai ji malami yana cewa "jan layi" a aji. A rubuta cewa shuɗi yana nufin jini mai ƙarancin oksijin, ja kuma mai wadatarsa.

Idan zanen na jarrabawa ne, aka sa wa sassa A da B aka ce a faɗi sunayensu, to sai a bayyana matsayi kawai, kamar "A yana nuna ɗakin da ke sama a hagun takarda," ba tare da bayanin ya ba da amsa ba.

Game da inda za a ajiye rubutun kuwa, gurbin `alt`, wato inda ake rubuta bayanin hoto a shafin intanet domin manhajar karanta allo, na gajeren bayani ne, dogon kuma a sa shi a fili a ƙarƙashin zanen, inda ɗalibi zai iya komawa baya jimla-jimla:

```html
<img src="zuciya.png" alt="Zanen zagayawar jini. Cikakken bayani yana ƙasa.">
```

A ƙarshe a gwada. A karanta wa wanda bai taɓa ganin zanen ba, a ce ya zana abin da ya ji, a kwatanta da na asali. Duk kibiyar da ta juya baya ko ta ɓata, jimlarta ce ke buƙatar gyara. Bayan haka a ba ɗalibin kansa ya saurara, a tambaye shi daga ina jini yake shiga huhu da kuma inda yake nufa idan ya fito.