Idan sabuwar kalma ta fi tsohuwa tsawo

'Yan'uwa masu zanen fosta a Jos, jiya aka ce in sauya "Taro" da "Walima" a katin biki, gurbin kuma bai ƙaru ba.

Kada ku matse haruffan daga gefe, su kan fito sirara kamar an take su. A Photoshop ku zaɓi kalmar, ku rage Tracking, wato tazarar da ke tsakanin haruffa, zuwa -20. Ni ba na wuce -30, don daga nan "l" da "i" sukan manne.

Sai ku sa cursor tsakanin "W" da "a", inda fili ya fi yawa, ku riƙe Alt kuna danna kibiyar hagu. Idan har yanzu bai shiga ba, ku ɗan rage girman harafin.