Yadda baƙo zai karanta ta'arof a Iran

Wanda ya tashi a gidan Bahaushe ya san tayi. Ka iske mutane suna cin abinci, su ce maka bisimilla, ka ce alhamdu lillahi ka wuce. Ta'arof ɗin mutanen Iran ɗan'uwan wannan ne, sai dai su ya shiga ko'ina: kasuwa, tasi, bakin ƙofa, har kuɗin aski. Kalmar daga Larabci take, tushenta ɗaya da ma'arifa, wato sanin juna. A shekarun da na yi a birnin Kum na ga sababbin ɗalibai da 'yan ziyara suna tuntuɓe a wuri ɗaya, domin an koya musu "ka ƙi sau uku sannan ka karɓa". Ƙidayar nan ce take kayar da mutane.

Mataki na farko, raba tayin kuɗi da tayin gida. Na kuɗi ba shi da wahala, domin amsarsa ɗaya ce kullum: ka biya. A ce ka hau tasi daga tashar mota zuwa masaukinka, ka tambayi direba nawa ne. Zai ce "gabel nadare", ma'ana bai kai a yi maganarsa ba, ko ya ce "mehmune ma bashid", ka zama baƙonmu. Kai kuma ka ce "hahesh mikonam", ina roƙonka, kuɗin na hannunka yana gani. Zai iya maimaitawa sau ɗaya, daga nan ya faɗi farashi. Ka miƙa, ka ce "daste shoma dard nakone", kada hannunka ya yi ciwo, wadda ita ce godiyarsu ta yau da kullum. Na ga wani yaro ya ji "gabel nadare" ya yi godiya ya kama hanya, direban ya fito ya bi shi har bakin ƙofa, kunya ta kama su duka biyun. Ni a ƙa'idata ba na hawa tasin da ba mu yi ciniki ba tun a waje, don bayan an gama ladabin farashin yakan fito da tsada. Ka kuma tambaya ko tuman ake nufi ko riyal: tuman 1 riyal 10 ne, kuma da tuman mutane suke magana. Wanda ya ce maka 80 mai yiwuwa tuman 80,000 yake nufi.

Mataki na biyu shi ne gayyata zuwa gida, kuma a nan nake so ka tsaya, don nan na yi kuskuren da har yau yake damuna. Akwai wani dattijo mai shagon littattafai da nake yawan zuwa wurinsa. Wani dare, wajen ƙarfe 9, yana rufe shago ya ce "bafarmayid sham", mu je mu ci abincin dare. Na ƙi sau ɗaya, na ƙi sau biyu, na ƙi sau uku, ya sake faɗa, sai na ce to, tunda ƙidaya ta cika. Muka isa gida matarsa ba ta san da zuwana ba. Aka zaunar da ni da shayi da 'ya'yan itace, aka aiki ɗansa ta ƙofar baya ya sayo kabab, ba a shimfiɗa abinci ba sai wajen 11, yaran da za su makaranta da safe suna ta gyangyaɗi. Babu wanda ya nuna mini komai a fuska. Na jawo wa mutumin kirki kashe kuɗi da wahalar iyali saboda na saurari bakinsa, ban kalli hannunsa ba.

Hannunsa kuwa yana kan kwaɗo lokacin da yake maganar. Bai ɗauko waya ya sanar da gida ba, bai tambaye ni abin da nake ci ba, bai ce mota na can ba. Gayyatar gaske tana zuwa da kayanta: rana, lokaci, kwatancen gida, wani lokacin har ya ce zai zo ya ɗauke ka. Wadda aka yi a tsaye, ana sallama, ko a bakin ƙofa bayan an rako ka, ta fatar baki ce. Su kansu suna da sunan irinta, "ta'arofe Shah Abdol Azimi", daga hubbaren Shah Abdol Azim na garin Rey da ke kudancin Tehran, wato tayin da mai yinsa ya tabbata ba za a karɓa ba.

To yaya za ka gwada? Ka ba shi ƙofar fita. Kada ka ce a'a kawai, ka haɗa da uzuri mai sauƙi: "zahmat nakeshid", kada ku wahalar da kanku, gobe ina da darasi da sassafe, sai wata rana. Sai ka yi shiru ka ji. In ya ce insha Allah ya sake hannunka, magana ta ƙare, kowa ya tsira da mutuncinsa. In kuwa ya ture uzurin ya kawo wani lokaci, ya ce to Juma'a da rana fa, zan gaya wa iyali, wannan da gaske yake, kuma ci gaba da ƙi daga nan ya zama wulaƙanci. Za ka ji ana cewa "bedune ta'arof", wato ba tayi nake ba. Tana ƙara wa maganar nauyi, amma ni ba na dogara da ita ita kaɗai, domin ita ma takan shiga cikin tayin.

Mataki na uku, ka isa gidan. Kada ka je hannu rabbana. Kwalin kayan zaƙi daga shagon shirini ya wadatar. Ka cire takalmi. A bakin ƙofa za a ce ka fara shiga, ka ja baya sau ɗaya ko biyu, in akwai dattijo ka bar shi ya wuce. A kan shimfiɗar abinci lissafin ya juya: an riga an dafa dominka, saboda haka ƙin ci ba kara ba ce. Ka ɗebi kaɗan da farko, don ƙari na nan tafe ko ka so ko ka ƙi. Ƙanzon shinkafa, wanda suke kira tahdig, shi ne abin da kowa yake so. In an miƙo maka ka ɗauki yanki ɗaya ka tura sauran. In ka ƙoshi da gaske ka ce "sir shodam", ka ɗora hannu a ƙirji, ka bar ɗan abu a faranti, don farantin da aka suɗe cika shi ake yi.

Ka kula da yabon kaya. Ka ce dardumar nan ta yi kyau, mai gida zai ce "pishkesh", na ba ka. Ka yi godiya ka ce ta fi dacewa da gidansa, kada ka taɓa. In dare ya yi aka ce ka kwana, gwajin nan dai za ka yi: in ba ka ga an fito da katifa da bargo ba, ka nemi takalminka. Kai ma in Ba'iraniye ya zo ɗakinka ya ce ba ya shan shayi, ka dafa ka ajiye a gabansa, ka sake tayi sau biyu, zai sha.