Matakan Rubuta Godiya Bayan Taron Kungiyar Manoma

Idan an tashi daga taron manoma a kauye, kamar wanda ake yi a filin makarantar firamare bayan girbin gero, a rubuta sakon da zai raka hotuna kafin gari ya waye.

Da farko, a bude da sallama, a fadi sunan taron da garin da ranar. Sannan a gode wa manya bisa matsayinsu: hakimi, dagaci, mai unguwa, sannan liman. Wannan jeri ba a wasa da shi, domin sanya dagaci gaban hakimi yakan jawo korafin da zai danne labarin taron gaba daya.

Na uku, a ambaci masu daukar nauyi tare da abin da kowa ya bayar, ko kujeru, ko lasifika, ko buhun shinkafa, amma a nemi izininsu tukuna, saboda wani ba ya son a bayyana sadakarsa.

Na hudu, a zabi abubuwa biyu kawai daga cikin abin da aka yi a taron a ambata, misali yadda malamin gona ya nuna daurin buhu mai leda biyu don kare wake daga kwari.

A rufe da gayyata mai dauke da wuri da rana da lokaci, kamar bayan sallar La'asar, a kuma kauce wa ranar kasuwar garin.