Ranar Kidayar Kaya a Sito: Ga Yadda Za Mu Yi

Salamu alaikum jama'a. Tun da ana ta tambaya ya abin zai kasance ranar Asabar, ga shi nan.

1. Juma'a da la'asar a rufe littafin shiga da fitar kaya.
2. Asabar karfe 7 kowa ya hallara, har masu tahowa daga Samaru da Sabon Gari, don Allah banda latti.
3. A kulle kofar lodi, ko wa ya zo da mota ya jira sai an gama.
4. A rabu biyu-biyu, daya na kirga daya na rubutu.
5. A fara da buhunan taki, layi-layi. Hattara, a nan ake tafka kuskure, mutum ya ga gaba buhu 10 hawa 8 layi 5 ya rubuta 400 alhali ta baya an zare wasu, sai ka zagaya ka gani da idonka.
6. Layin da aka gama a sa masa alli.
7. Fasasshen buhu da wanda ya jike a rubuta su daban.
8. Karfe 1:30 sallah da abinci.
9. Karfe 2:30 a gwada da littafi, in littafi ya ce 400 ku kun samu 393 wasu biyun daban za su sake kirgawa, kar kowa ya goge lamba.
10. A sa hannu a mika wa mai kula da sito.